Tsakuwa a matsarmama da kaurin bangonta: jira, magani ko tiyata?

Wanda aka yi wa hoton ciki, wato `échographie`, a Garwa, Marwa ko Njamena yakan fito da takarda da aka rubuta da Faransanci, kuma layuka biyu ne suka fi tayar masa da hankali. Na farko shi ne `lithiase vésiculaire`, wato akwai tsakuwa a cikin matsarmama, 'yar jakar nan da ke manne a ƙarƙashin hanta tana tara ruwan ɗacin da hanta ke yi. Na biyu shi ne `paroi épaissie`, wato bangon jakar ya yi kauri. Daga nan shawarwari sukan yi yawa: wani ya ce a yi aiki tun da wuri, wani ya ce akwai maganin da ke narkar da tsakuwar, wani kuma ya ce tunda ciwon ya lafa a bar shi kawai. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da wanda ta dace da shi, amma lambar kaurin bango ita kaɗai ba ta isa ta nuna wace za a bi ba. Ana haɗa ta ne da yadda ciwon yake a jiki, da sauran layukan takardar, da sakamakon gwajin jini.

Yadda ake karanta takardar

Tsakuwa ba ta cika ɓoyewa na'urar hoton ba. Tana fitowa fari fat, tana jefa inuwa baƙa a bayanta, abin da ake rubutawa `cône d'ombre postérieur`, kuma tana gangarawa idan aka ce majiyyaci ya juya ta gefen hagu. Idan takarda ta ce akwai tsakuwa mai inuwa mai motsi, ana iya yarda da ita. Abin da ya kamata a ƙara dubawa shi ne girmanta da inda take. Ƙanana, waɗanda ba su kai milimita 5 ba, su ne suka fi saurin zamewa su shiga bututun da ke kai ruwan ɗaci zuwa hanji, don haka ƙanƙanta a nan ba ta nufin sauƙi. Idan kuma aka rubuta `enclavé`, ana nufin tsakuwar ta maƙale a wuyan jakar ba ta motsi, kuma wannan shi ne mafarin kumburi mai tsanani.

Maganar bango ta fi wuyar sha'ani. Bango mai lafiya ba ya wuce milimita 3, kuma duk abin da ya haura haka ana kiransa mai kauri. Sai dai wannan awo yana da ma'ana ne idan an yi hoton bayan mutum ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci komai ba. Matsarmama tana matsewa bayan cin abinci, musamman mai maiƙo, kuma idan ta matse bangonta yakan tattare ya yi kamar ya yi kauri alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda ya sha koko da ƙosai da safe sannan ya shiga ɗakin hoto da hantsi, awonsa ba abin dogaro ba ne. Ban da haka, akwai cututtukan da ke kumbura bangon ba tare da matsarmamar ta yi laifin komai ba: ciwon hanta, wanda nau'insa na B ya yawaita a yankinmu, da ƙandarewar hanta, da taruwar ruwa a ciki, da raunin zuciya, da ciwon ƙoda, da ƙarancin furotin a jini. Mutumin da ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya tara ruwa, bangon matsarmamarsa ya kai milimita 6, yana iya kasancewa da tsakuwar da ke kwance ba ta dame shi ba, kuma cire jakar ba zai warkar da shi ba, yana ma iya jefa shi cikin haɗari idan hantarsa ta riga ta raunana.

Saboda haka mai karanta takardar ya nemi layuka uku da ke ba wa kaurin ma'ana. Na ɗaya, `signe de Murphy échographique`: idan mai hoton ya danna kan na'urar daidai kan jakar majiyyaci ya ji zafin da ya tsayar masa da numfashi, za a rubuta `positif`. Na biyu, ko akwai ruwa a kewayen jakar, ko kuma ta cika ta kumbura har faɗinta ya wuce santimita 4. Na uku, `voie biliaire principale`, wanda ake taƙaitawa `VBP`, wato babban bututun ɗaci. Faɗinsa a babban mutum bai kamata ya wuce milimita 6 ba, ko da yake yakan ɗan ƙaru a tsofaffi. Idan ya buɗe fiye da haka, ana zargin wata tsakuwar ta sauka cikinsa ko da hoton bai nuna ta ba, domin iskar hanji takan kare ƙarshen bututun.

Misali guda

A ɗauki wata mata mai shekara 44, mai sayar da atamfa, wadda sau uku a cikin wata huɗu ta yi fama da ciwo a ƙahon zuci da ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana harbawa zuwa allon kafaɗa. Kowane karo ya zo ne da dare bayan ta ci abinci mai mai, ya ɗauki kamar awa biyu, ta yi amai, sannan ya lafa. An daɗe ana ba ta maganin gyambon ciki. Takardarta ta nuna tsakuwa da yawa masu motsi, babbarsu milimita 14, bango milimita 4 da rabi, alamar Murphy babu, ruwa a kewaye babu, babban bututu milimita 5, hanta lafiya. Ta tabbatar da cewa da azumi aka yi hoton. Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini da `CRP`, wato awon kumburi a jiki, ba su hau ba, `bilirubine`, wato launin ɗaci a jini, da sauran awon hanta daidai suke, `AgHBs` kuma, alamar ciwon hanta nau'in B, babu.

Fassarar wannan takarda ita ce kumburi na dogon lokaci: tsakuwar ta yi ta toshe wuyan jakar tana saki, bangon ya yi ta jin rauni yana warkewa da tabo har ya yi kauri. Ba lamarin gaggawa ba ne, amma kuma ba tsakuwar da ke kwance shiru ba ce. Da a ce ciwon ya wuce awa 6 bai lafa ba, ga zazzaɓi, ga alamar Murphy, ga bango milimita 6 da ruwa a gefensa, da sunan abin ya koma `cholécystite aiguë`, kuma wurin kwananta asibiti ne. Da a ce kuma idonta ya yi rawaya, fitsarinta ya yi duhu kamar shayi, bututun ya kai milimita 10, da tambayar ta tashi daga kan jakar ta koma kan bututun da ya toshe.

Ma'aunan zaɓi

Abubuwa huɗu ne ya kamata a auna kowace hanya da su. Akwai kuɗi, kuma a ƙasashen da majiyyaci ke biyan kusan komai daga aljihunsa dole lissafin ya haɗa da gwaje-gwaje, magunguna, kuɗin gado, kuɗin mota, abincin mai jinya da ranakun da aka rufe shago, ba kuɗin aikin kaɗai ba. Akwai ɗorewa, wato ko hanyar tana kawar da matsalar gaba ɗaya ko tana ɗaga ta ne zuwa wani lokaci. Akwai sauƙin samu da sauƙin jurewa. Sannan akwai haɗari, kuma a nan nisan gida daga asibitin da ke iya yin aiki da tsakar dare yana cikin lissafi. Mutumin da ke zaune cikin garin Garwa da wanda ke ƙauye a bayan Poli ko Tuboro, inda damina ke lalata hanya daga Yuli zuwa Satumba, ba ɗaya suke ba ko da takardunsu iri ɗaya ne.

Jira da sa ido

Wannan ita ce hanya mafi arha a yau, kuma ga mafi yawan masu tsakuwa ita ce daidai. Kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka ga tsakuwarsu bisa tsautsayi, wajen hoton ƙoda ko na juna biyu misali, ba za su taɓa jin ciwonta ba, kuma a kowace shekara kaɗan ne ƙwarai, wajen mutum 1 zuwa 3 cikin ɗari, ke fara jin alamu. Yi wa irin waɗannan aiki ɗora musu haɗari ne ba tare da riba ba. Idan bangonsu ya ɗan yi kauri, matakin farko shi ne a sake hoton da cikakken azumi a kuma duba hanta.

Lissafin yana sauyawa da zarar ciwo ya fara. Kusan rabin waɗanda suka yi ciwo sau ɗaya sukan sake yi a cikin shekara guda, kuma wadda ta yi sau uku kamar matar misalinmu da wuya ya tsaya nan. Rage soye-soye, man shanu da nama mai kitse yana rage yawan tashin ciwon, amma ba ya narkar da tsakuwa ko guda. Watan azumi yana da nasa ƙalubalen, domin jakar takan yini cike sannan a buɗe baki da abinci mai nauyi, ta matse da ƙarfi a kan tsakuwar. Arhar jira ga mai alamu takan zama bashi ne da za a biya daga baya, kuma aikin gaggawa a kan jakar da ta kumbura ya fi tsada, ya fi wuya, ya fi daɗewa a gado.

Maganin narkar da tsakuwa

Akwai magani na gaskiya da ke narkar da tsakuwa, sunansa a kwali `acide ursodésoxycholique`, ana shan wajen miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum, na tsawon wata 6 zuwa shekara 2. Sharuɗɗansa suna da tsauri: dole tsakuwar ta zama ta kolestarol, wato wani nau'in kitse, ƙarama, wadda ba ta yi ɓawon alli ba, kuma jakar tana cika tana matsewa yadda ya kamata domin maganin ya isa cikinta. Jakar da bangonta ya yi kauri da tabo galibi ta daina wannan aiki, don haka kalmar `épaissie` da kanta tana rage wa wannan hanya daraja. Masu sikila kuwa, da sauran waɗanda jajayen ƙwayoyin jininsu ke yawan fashewa, tsakuwarsu baƙa ce da ta samu daga launin ɗaci, kuma maganin ba ya taɓa ta. Ko a wurin da ya yi nasara, kusan rabi tsakuwar takan dawo musu cikin shekara 5, tunda jakar da ta haifar da ita tana nan. Idan aka tara kuɗin ƙwayar na watanni da yawa da kuɗin maimaita hoto, arhar da ake hangowa takan ragu sosai.

A gefe guda, ya kamata a faɗi gaskiya game da haɗin man zaitun da ruwan lemun tsami da ake cewa yana wanke matsarmama. 'Yan dunƙule-dunƙule masu launin kore da mutum ke gani a bayan gida washegari ba tsakuwa ba ne, man da ya sha ne ya dunƙule a hanji kamar sabulu, kuma hoton da aka sake yi yakan nuna tsakuwar tana inda take. Shan mai da yawa a lokaci ɗaya yana sa jakar ta matse da ƙarfi, wanda shi ne ainihin abin da ke tura ƙaramar tsakuwa cikin bututu.

Maganin ƙwayoyin cuta, aiki daga baya

Wannan hanya ta mai kumburi mai tsanani ce, ba ta kowa ba. Ana kwantar da shi, a hana shi ci, a ƙara masa ruwa, a ba shi maganin ciwo da na ƙwayoyin cuta ta jijiya, kuma a mafi yawan lokuta zazzaɓin yakan sauka cikin kwana biyu zuwa uku. Daga nan a jira kamar sati 6 kumburin ya sauka kafin a cire jakar. Inda akwai likitan tiyata da kayan aiki, an fi son a cire ta tun a kwanciyar farko, musamman a cikin kwana 3 na farko ko dai kafin mako ya cika, domin hakan yana rage jimillar kwanakin gado, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu jiran aikin da aka ɗaga sukan dawo cikin gaggawa kafin ranar ta zo. Kuskuren da aka fi yi shi ne majiyyaci ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, ya ƙi komawa. Mai ciwon suga da tsoho su fi kowa kiyaye wannan, domin a jikinsu jakar tana iya ruɓewa ko ta fashe alhali zafin da suke ji bai taka kara ya karya ba.

Cire jakar: ta kyamara ko ta buɗe ciki

Tiyata tana cire jakar ne gaba ɗaya tare da tsakuwar, domin idan aka kwashe tsakuwa aka bar jakar, za ta sake yin wata. Mutum yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba: hanta tana ci gaba da yin ruwan ɗaci, yana gangarawa kai tsaye zuwa hanji. Wasu sukan yi 'yar gudawa bayan cin maiƙo na wasu makonni ko watanni, kuma galibi tana lafawa. Wajen ɗorewa babu hanyar da ta kama ƙafarta, da sharaɗin cewa ciwon da ya kai mutum asibiti daga matsarmama yake. Wanda damuwarsa ƙwannafi ce da kumburin ciki da gyatsa yana iya fitowa daga aiki da ciwonsa cif, domin tsakuwar ba ita ce ke damunsa ba tun farko.

Aikin kyamara, wanda likitocinmu ke rubutawa `cœlioscopie`, ana yin sa ta ƙananan huji uku ko huɗu, kuma ya yaɗu a duniya bayan da likitan tiyata Philippe Mouret ya yi shi a birnin Lyon a 1987. Majiyyaci yakan kwana ɗaya ko biyu, ya koma harkokinsa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Yana buƙatar kayan aiki na musamman, wutar lantarki marar yankewa da ƙwararren hannu, shi ya sa ba kowane asibiti ke yin sa ba, kuma wanda zai bi jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde dominsa sai ya saka kuɗin tafiya da masauki na mutum biyu a lissafi. Buɗe ciki kuwa tsohuwar hanya ce, tun 1882 da likita Carl Langenbuch ya fara ta a Berlin. Ana yanka ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a kwana uku zuwa biyar ko fiye, a kuma guji ɗaukar kaya mai nauyi har sati 4 zuwa 6. Ciwon wurin yanka ya fi yawa, haka ma yiwuwar ya yi ruwa ko hanji ya turo ta wurin ɗinkin daga baya.

Babban haɗarin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai shi ne a ji wa babban bututun ɗaci rauni. Ba ya yawan faruwa, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma gyaransa aiki ne babba. A nan kaurin bango yake da amfani na zahiri: bango mai kauri sosai alama ce ta cewa jakar ta manne da maƙwabtanta kuma aikin zai yi wuya, don haka likita yana iya farawa da kyamara ya ƙare da buɗe ciki. Wannan ba kuskure ba ne, kariya ce ga bututun, kuma ya kamata a tambayi yadda kuɗin zai kasance idan hakan ta faru tun kafin a shiga ɗakin aiki. A ganina, likitan da ya saba da buɗe ciki yana yin sa kowane mako a asibitin da ke kusa ya fi kyamara a hannun wanda bai saba da ita ba.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Jira da sa ido | Kaɗan a yau | Mai kyau ga marar alamu, marar tabbas ga mai ciwo | Babu wahala | Kumburi ko toshewar bututu ba zato |
| Maganin narkarwa | Yana taruwa wata bayan wata | Rauni, tsakuwa na dawowa | Ƙwaya kullum har shekara 2 | Ɓata lokaci, gudawa |
| Maganin ƙwayoyin cuta, aiki daga baya | Kwanciya biyu | Na ɗan lokaci | Ana samu a asibitoci da yawa | Dawowar ciwo kafin ranar aiki |
| Cirewa ta kyamara | Mai yawa, har da tafiya | Dindindin | Saurin warkewa, wuyar samu | Raunin bututu, komawa buɗe ciki |
| Cirewa ta buɗe ciki | Matsakaici, da asarar ranakun aiki | Dindindin | An fi samu, jinya ta fi tsawo | Raunin bututu, matsalar wurin yanka |

Wace hanya ga wane

Wanda bai taɓa jin ciwo ba, bangonsa milimita 4 ne ko kusa da haka, ya sake hoto da azumi ya kuma yi gwajin hanta. Idan komai ya fito daidai, jira ya wadatar, sai dai idan tsakuwar ta wuce santimita 3, ko akwai tsiro a bangon da ya kai milimita 10, ko kaurin ya taru a wuri ɗaya ba shi da tsari. Waɗannan suna ƙara zargin ciwon daji, kuma suna buƙatar hoton sikana, wato `scanner` ko `CT`, da ganin likitan tiyata ko da babu ciwo.

Mai kumburin ƙafa da ruwa a ciki, ko wanda aka samu yana da ciwon hanta, ya fara da likitan hanta ko na zuciya, ba da wuƙa ba.

Matar misalinmu da ire-irenta, masu ciwon da ke zuwa yana tafiya, aikin da aka tsara cikin natsuwa ne ya fi dacewa da su, a cikin 'yan makonni ko watanni, ta kyamara idan tana samuwa kuma aljihu zai ɗauka, ta buɗe ciki idan ita ce a kusa. Idan gidanta yana nesa da asibiti, ta sa ranar kafin damina ta kankama, kuma idan tana da niyyar aikin Hajji ko ɗaukar ciki, ta gama da matsarmamar tukuna. Mai sikila da ke da alamu yana cikin wannan rukuni, amma aikinsa yana buƙatar shiri na musamman game da jini, ruwa da iskar numfashi, don haka a asibitin da ya saba da masu sikila za a yi. Maganin narkarwa ya rage ga ƙalilan: mai ƙananan tsakuwa da jaka mai aiki, wanda lafiyarsa ba za ta ɗauki allurar barci ba.

Wanda ciwonsa ya wuce awa 6 da zazzaɓi ya tafi asibiti a ranar, a cire jakar da wuri idan akwai hali, ko a kwantar da kumburin a sa ranar aiki kafin a sallame shi. Idan kuma ciwo ya haɗu da shawara da zazzaɓi mai karkarwa, ko ya koma tsakiyar ciki yana ratsawa zuwa baya da amai marar tsayawa, to bututun ya toshe ko pankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ya kumbura. Wannan majiyyaci yana buƙatar gwajin `bilirubine` da `lipase`, wato awon pankiriyas, nan take, da asibitin da zai iya buɗe bututun, ko da hakan na nufin a ɗauke shi zuwa wani gari a daren.